Wasiƙar da zan kai wa dilanmu kan kayan da ba sa cika da katan-katan da ke zuwa a lalace, ku duba min

Manajan_Kanti:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kula da wani kanti a nan Kano, kayan masarufi muke sayarwa, sari da ɗai-ɗai. Akwai dilan da muke karɓar taliya da tumatirin leda a wajensa, bashi yake ba mu na sati biyu, su ne kuma suke kawowa da motarsu har ƙofar sito. To daga watan Yuli zuwa yanzu lodi uku a jere kaya ba sa cika, wasu katan ɗin kuma a jiƙe, wasu a murƙushe. Na yi wa yaronsu mai zagayawa magana a waya ya fi a ƙirga, kullum "za a duba" ne. Mai kanti ya ce in rubuta musu wasiƙa. Ga abin da na rubuta, ku gyara min don Allah:

"Zuwa ga Manaja. Bayan gaisuwa, muna sanar da ku cewa mun gaji da irin kayan da kuke kawo mana, kullum ba sa cika kuma a lalace suke zuwa, ga alama yaranku suna ɗauke mana kaya a hanya. Wannan cin amana ne. Idan ba ku gyara ba za mu daina hulɗa da ku kuma ba za mu biya kuɗin da kuke binmu ba."

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni dai wlh wasiƙar ta yi min, haka suke so, in ba ka nuna musu zafi ba ba sa ji. Ka ƙara musu da cewa dila ba shi kaɗai ba ne a kasuwar Singa.

Baffa_Sito:
Manaja kar ka aika wannan. Na daɗe ina aikin sito a defo, irin wannan takardar in ta zo mana karantawa ake yi a sa a durowa, ba don raini ba, don babu abin da za a yi aiki da shi a ciki. Wanda zai duba ƙorafinka akawu ne, shi kuma lamba yake nema. "Kullum ba sa cika" ba zai iya shigar da ita littafi ba. Wane lodi, wace rana, wace lambar webil, wato takardar da ke rako kayan, katan nawa aka rubuta, nawa aka sauke, wace mota. In ka ba shi waɗannan zai je ya ɗauko kwafinsu na webil da takardar fita ta bakin get ya gwada, a nan ake gane ko tun daga sito kayan suka fita a rage ko a hanya suka rage.

Sannan ka cire maganar yaransu suna sata. Ba ka gani da idonka ba, kuma da zarar ka rubuta haka magana ta tashi daga katan ta koma mutunci, kowa zai fara kare kansa. Ka faɗi abin da ka ƙirga kawai, su su nemo ɓarawonsu. Kawo mana lissafin tukunna mu gani.

Manajan_Kanti:
Baffa na gode. Ga shi kamar yadda yake a littafin sitonmu.
4 ga Yuli, webil ya ce taliya katan 120, an sauke 116.
18 ga Yuli, taliya 100, an sauke 97, a cikin 97 ɗin kuma guda 5 a jiƙe suke.
1 ga Agusta, taliya 80, an sauke 78, tumatirin leda katan 30 ya cika amma 3 sun murƙushe har wasu ledojin sun fashe sun ɓata sauran. Bayan kwana biyu kuma muka buɗe taliyar muka tarar da katan 6 ƙwaya 18 ce a ciki maimakon 20.
Taliyar a N18,500 suke ba mu, tumatir N7,200.

Baffa_Sito:
Yauwa, yanzu aka fara magana. Tambaya ɗaya mai muhimmanci, lokacin da aka sauke, an rubuta ragin a jikin webil kafin a sa hannu?

Manajan_Kanti:
Na 18 ga Yuli da na 1 ga Agusta ni na karɓa, na rubuta a jiki, direba ma ya sa hannu a ƙasa. Na 4 ga Yuli mai sito ne ya karɓa ana cikin ruwa, ya sa hannu a kan 120, sai da motar ta tafi aka jera aka ga 116.

Akawu_Singa:
Toh wannan na farkon sai dai roƙo gaskiya. Sa hannu a webil ba tare da ka rubuta komai ba ma'anarsa na karɓa cif kuma lafiya lau. Katan 4 sau 18,500, N74,000 kenan, ka saka shi a wasiƙar amma ka ware shi daban, ka faɗi gaskiya cewa ba a rubuta a webil ba, kuna neman su duba ƙidayar sitonsu ta ranar. In ka cakuɗa shi da sauran, da shi za su kama ka su ce lissafinka duka babu tabbas.

Bari in haɗa maka. Ragin 18 ga Yuli katan 3 da na 1 ga Agusta katan 2, biyar kenan, N92,500. Jiƙaƙƙu 5, su ma N92,500. Tumatir 3, N21,600. Ƙwaya 12 da suka ɓace a katan shidan nan, kowace ƙwaya tana kamawa N925, N11,100. Jimla N217,700. In ka ɗora na farkon ya zama N291,700.

Sani_Direba:
Ni direba ne kuma irin wannan rabon kayan nake yi, don Allah a riƙa yi mana adalci. Mota ɗaya za a loda mata kayan shago takwas ko goma, duk taliya iri ɗaya, kwali iri ɗaya, ka tsaya a shago na uku 'yan dako suna sauke wa da gudu mai shago yana waya, katan biyu su wuce cikin nasa, in mai tsoron Allah ne ya kira ka in ba haka ba shikenan, kai da kake na ƙarshe a layi kai za ka ga ragi, kuma a albashin direba ake cirewa. Ba kullum sata ba ce. Manaja ka tambaya kai ne na nawa a zagayen motar, in kai ne na ƙarshe ka nemi a riƙa fara sauke naka ko a ɗaure naka daban a sa alama.

Maman_Ilham:
Malam Sani to wanda aka buɗe kwali aka zare biyu-biyu aka mayar aka liƙe fa, shi ma kuskuren 'yan dako ne?

Sani_Direba:
A'a Hajiya wannan kam hannu ne, ban musa ba. Amma hannun wa? Zai iya zama a sitonsu, zai iya zama a mota, zai iya zama a sitonsa shi Manaja tunda ya ce sai bayan kwana biyu aka buɗe. Ba zargi nake ba, abin da za su faɗa masa nake gaya masa.

Baffa_Sito:
Sani ya faɗi gaskiya, nan ne raunin N11,100 ɗin. Shi ya sa ake ajiye sikeli a bakin sito. Taliya ƙwaya 20 mai giram 500 kilo 10 ce, sai ɗan nauyin kwalin. In an zare biyu kilo ɗaya cur ya tafi, ko sikelin awon hatsi zai nuna. Ba sai ka auna duka ba, a katan 80 ka zaɓi kamar 8 ko 10 daga wurare daban-daban, na sama da na tsakiya da na can ƙurya, in ɗaya ya gaza sai a auna duka direba yana tsaye.

Kuma ku riƙa juya katan ku duba gindinsa. Mai zarewa ba ya taɓa sama, ta ƙasa yake buɗewa. Liƙin kamfani inji ne yake yi, layi ɗaya ne a miƙe, ko gam ne ko salatif. In ka ga salatif biyu ɗaya kan ɗaya, ko fatar kwalin ta ɗan yage a gefen liƙin, ko ka girgiza ka ji kayan suna kai-komo a ciki, ajiye shi gefe. Manaja in kwalayen shidan nan suna nan kar a yar, ka ɗauki hoton gindinsu da lambar bach da ke jiki, shi ne kaɗai shaidarka.

Ɗan_Gezawa:
Salam. Mai taliya nawa kake ba da katan in mutum zai ɗauki 50? Kuma kuna kaiwa Gezawa?

Akawu_Singa:
Ɗan_Gezawa ba talla yake ba, ƙorafi yake rubuta wa wanda ke kawo masa kaya, karanta daga sama.

Ummu_Hanif:
Ni tawa shawarar ka riƙe kuɗinsu duka kawai. Tunda bashi suke ba ku ai wuƙa da nama suna hannunka, ranar da suka ga sati biyu ya wuce babu alat da ƙafarsu za su zo. Ni haka na yi wa mai kawo min lemo, kwana uku ya kawo cikon.

Akawu_Singa:
Hajiya Ummu wannan yana yi da ƙaramin mai kawo kaya wanda kuka san juna, amma babban dila in ka riƙe kuɗin lodi guda saboda dubu ɗari biyu, kwamfuta ce za ta rufe asusunka, ba wanda zai loda maka ko katan ɗaya, kuma sai ka koma kai ne mai laifi. Lodin 1 ga Agusta kaɗai taliya 80 ta kai N1,480,000. Ka riƙe wannan duka saboda N217,700? A ka'idar ciniki in an kawo maka ƙasa da abin da kuka yi, ko ka ƙi karɓa, ko ka karɓa ka biya kuɗin abin da ka karɓa a farashin da aka yi. Tunda ya karɓa har yana sayarwa, biyan wanda ya shigo lafiya ya zama dole. Abin da zai iya shi ne ya biya sauran a kan lokaci, ya rubuta a wasiƙar cewa ga adadin da ya tsayar da dalilinsa har a fitar masa da kiredit not.

Maman_Ilham:
Ita wannan takardar a hannu ake ba da kuɗin ko yaya? Ni ban taɓa karɓa ba.

Akawu_Singa:
Ba kuɗi ake ba ki ba, takarda ce da suke fitarwa mai lamba da ke cewa an rage kaza daga bashin da ake binki, a danganta ta da inbois ɗin da aka samu matsala. Amfaninta shi ne littafinki da nasu su zama ɗaya. In yaronsu ya ce miki da baki "ki cire kawai", wata uku nan gaba in an zo daidaita lissafi za ki ga kuɗin yana nan a kanki, shi kuma wataƙila ya bar aikin.

Malam_Nazifi:
Allah ya saka wa masu ba da shawara. Ina so in ƙara ta fuskar shari'a, a mazhabar Malikiyya kayan da ake sayarwa da awo ko ma'auni ko ƙidaya suna cikin lamunin mai sayarwa har sai an ƙirga an miƙa wa mai saye. Tunda su ne suke kawowa da motarsu, abin da ya salwanta kafin ƙidaya a ƙofarka nasu ne. Kayan da aka samu da aibi kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa. Amma Manaja, kai ma amana ce a wuyanka ta ɓangare biyu, kar a ƙara ko katan ɗaya a lissafi don a cike wata asara, kuma zargin sata ba tare da shaida ba a cire shi kamar yadda Baffa ya ce.

Hajiya_Mai_Shago:
Ni kan jiƙaƙƙun nan zan yi magana don damina ta sha yi min. Taliya ai a cikin leda take, sau da yawa kwalin ne kawai ya sha ruwa, cikin lafiyarsa ƙalau. Sai dai mai sari ba zai ɗauki kwali mai tabo ba ko ka rantse masa, dole sai ka farke ka sayar ɗai-ɗai a kan kanta. To maimakon ka tsaya sai an canza maka guda biyar ɗin, wanda zai iya ɗaukar wata guda suna tare maka wuri, ka nemi ragi a kan kowane ka sayar da abinka. Amma ka buɗe ka duba, in ledar ta huje ko ka ji warin fumfuna kar ka sayar wa mutane.

Baffa_Sito:
Hajiya ta kawo hanya mai kyau amma kar ya fara da ita a wasiƙa, ya nemi canji ko cikakken kuɗi, in sun zo tattaunawa sai a sauko kan ragi. Kuma yanayin jiƙewar ma yana magana. In saman kwalin ne ya jiƙe kuma danshin sabo ne, tamfol ne ya yi yoyo a hanya. In gindin ne, ruwa ya kwanta a dandamalin mota. In kuwa ya bushe ya bar zobe mai ruwan ƙasa, kwalin ya yi laushi yana wari, wannan tun a sitonsu ya kwana a ƙasa ba katako. Ka rubuta wanda ka gani a jimla ɗaya, zai nuna musu inda za su gyara. Tumatirin kuma kusan kullum daga lodi ne, an ɗora masa kaya masu nauyi a kai.

Manajan_Kanti:
Gindin ne Baffa, kuma da danshinsa, har kwalin yana rabuwa in an ɗaga. Ga yadda na sake ta:

"Zuwa ga Manajan Defo. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Muna rubuto muku ne kan ragi da lalacewar kaya a lodi uku da aka kawo mana.

Ranar 18 ga Yuli webil ya nuna taliya katan 100, mun karɓi 97, biyar daga ciki gindinsu a jiƙe. Ranar 1 ga Agusta webil ya nuna taliya 80, mun karɓi 78, tumatirin leda katan 3 sun murƙushe. Duk an rubuta wannan a jikin webil kuma direbanku ya sa hannu. A lodin 1 ga Agusta mun kuma samu katan 6 da aka sake liƙewa ta ƙasa, kowane da ƙwaya 18. Jimlar waɗannan N217,700.

Akwai kuma ragin katan 4 na ranar 4 ga Yuli, N74,000, wanda ba a rubuta a webil ba. Muna roƙon ku duba ƙidayar sitonku da takardar fitar motar ta ranar.

Muna neman a ciko kayan a canza waɗanda suka lalace, ko a fitar mana da kiredit not na N217,700, cikin kwana bakwai daga ranar da kuka karɓi wannan takarda. Sauran kuɗinku za mu biya a ranar da aka saba, wannan adadin kaɗai muka tsayar. Kayan da suka lalace suna ajiye a sitonmu, wakilinku zai iya zuwa ya gani. Daga lodi na gaba za mu ƙirga kuma mu auna a gaban direba kafin sa hannu. Mun haɗo kwafin webil uku da hotuna. Mun gode da hulɗar da ke tsakaninmu kuma muna so ta ɗore."

A ainihin takardar zan sa lambobin webil da lambar mota, na cire su ne a nan.

Maman_Ilham:
Ta yi sanyi da yawa wlh. Ina maganar za ku daina saye a wajensu? Ba abin da zai tsorata su a nan.

Akawu_Singa:
Maman Ilham abin tsoratarwar yana nan, kuɗin da ya tsayar da kuma wa'adin kwana bakwai. Barazanar barin su a ajiye ta sai wasiƙa ta biyu in sun yi shiru, kuma kar ya faɗe ta sai mai kanti ya yarda kuma an samu wani dilan da zai ba da bashin sati biyu, don ba kowa ke bayarwa ba.

Gyara biyu Manaja. Ka sa kowane adadi da kuɗinsa a gabansa, kar akawunsu ya sha wahalar gano yadda ka kai 217,700. Sannan ka buga kwafi biyu ka kai da hannu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Kar ka ba yaronsu mai zagayawa ya kai, ƙorafin yana iya shafarsa, ka dai tura masa hoton ta WhatsApp don kar ya ce an tsallake shi. Ainihin webil kuma kar ya bar hannunka, kwafi za ka ba su.

Sani_Direba:
Layin nan na za a ƙirga a gaban direba ya yi min daidai, mu ma kariya ce gare mu. Amma don Allah ku tanadi mai ƙirga da wuri, ba a tsayar da mota awa biyu ana jiran mai makulli ba alhali akwai shaguna shida a gaba. Kuma a riƙa jerawa goma-goma a ƙasa kafin a shigar ciki, in kaya suka shige sito aka haɗa da tsofaffi ba direban da zai yarda da ragi.

Ummu_Hanif:
Ni har yanzu ban gamsu da a biya su sauran ba kafin su amsa. In sun karɓi kuɗinsu me zai sa su yi sauri?

Baffa_Sito:
Hajiya lodi na gaba ne zai sa su, mai ɗaukar katan ɗari duk sati biyu ba a son rasa shi. Manaja abu ɗaya da ban gani ba, wa zai sa hannu a wasiƙar, kai ko mai kanti? In asusun da sunansa aka buɗe gara ya sa nasa a ƙasan naka.

Manajan_Kanti:
Da sunansa ne, na nuna masa ya ce zai sa hannu amma yana so a cire na 4 ga Yuli daga wasiƙar gaba ɗaya, wai a cire a albashin mai sito. Ni kuma ina ganin a bar shi a ciki tukunna a ga abin da ƙidayarsu za ta nuna, yaron N74,000 ta fi albashinsa na wata.

Malam_Nazifi:
Ka roƙi Alhaji ya dakata da cirewar har amsa ta zo. Wanda aka ba amana ba a ɗora masa biya sai an tabbatar da sakaci, kuma ko an tabbatar a duba hali.

Hajiya_Mai_Shago:
Sa hannu ba ƙirga ai sakaci ne Malam, ko da ruwa ake. Ni dai raba shi zan yi, rabi shago rabi shi, a riƙa cira kaɗan-kaɗan. Manaja in ka kai takardar ka dawo ka gaya mana ko sun yarda sun buga hatimin, don wasu ma a nan ake fara rigimar.